Matakai shida na tuƙin mota mai sarrafa kanta: a ina motocin Nima da Maamobi suka tsaya?

A ƴan shekarun nan, motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema suna zuwa da wasu na'urori da direbobin Zango ba su saba da su ba. Mota ta yi ƙara idan ta kusanci ta gabanta, ta taka birki ba a taɓa ba, ko sitiyari ya motsa a hannun direba idan taya ta hau layin fenti. Wannan ya sa wasu dillalai ke tallata ta da cewa "tana tuƙa kanta", mai saye a Nima ko Maamobi kuma ya ɗauki maganar a yadda ya ji ta. Maganar tana da haɗari, domin duk motar da ake iya saya a hau titin Accra da ita a yau, tana buƙatar direba mai kallon hanya daga tashi har sauka. Wannan bayani ya zayyana matakan da masana suka tsara, ya kuma nuna inda motocin da ke hannun jama'a suka faɗa a cikinsu.

Wa ya tsara matakan?

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE International, mai hedkwata a Amurka, ita ce ta fitar da tsarin a shekarar 2014, a cikin wata takarda mai lamba J3016. An sabunta takardar a 2016 da 2018 da kuma 2021. Ta kasa tuƙi zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5, kuma da wannan lissafi ne kamfanonin mota da hukumomin Turai da Amurka da Japan ke magana. Mai karanta jaridun Faransanci a Lome ko Kwatano ko Yamai, idan ya ga an rubuta «niveau 2» ko «niveau 3», to waɗannan matakan ake nufi.

Matakan ba su auna tsadar mota ko yawan na'urorinta. Tambayoyi uku suke amsawa. Ta farko, wa ke riƙe da sitiyari da totur da birki? Ta biyu, wa ke kallon hanya don ganin abin da ke tafe? Ta uku, idan abu ya rikice, wa zai karɓi ragama? A matakai na 0 da 1 da 2, mutum ne ke kallon hanya, kuma shi ne direba ko da ƙafarsa ba ta kan totur. Daga mataki na 3 zuwa sama, na'ura ce ke kallon hanya muddin tana kunne. Saboda haka babbar iyaka tana tsakanin mataki na 2 da na 3.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Matakin na na'urar da ke aiki ne a daidai wannan lokaci, motar ba ta da mataki guda da take kai kullum. Mota ɗaya tana iya zama a mataki na 2 a kan babban titin N1 tsakanin Tetteh Quarshie da Mallam, sannan ta koma mataki na 0 da zarar ta shiga lungunan Nima.

Matakai na 0, 1 da 2: misali da Corolla uku

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar matakai ukun farko ita ce a kwatanta Toyota Corolla uku da aka ƙera wa kasuwar Amurka, tun da irinsu ne suka cika titunan Accra, musamman a hannun masu haya ta manhajar waya.

Corolla ta 2015 tana mataki na 0. Tana iya samun maɓallin riƙe gudu, wanda idan direba ya saita shi a kilomita 80 motar za ta ci gaba da tafiya a 80. Sai dai ba ta ganin komai a gabanta. Ko tirela ce ta tsaya, da wannan gudun za ta faɗa mata. Don haka ba a lissafa shi cikin sarrafa tuƙi. A wannan mataki ne kuma ake saka duk na'urar da aikinta gargaɗi ne ko ɗauki na ɗan lokaci: ƙarar da ke tashi idan mota ta fita layi, fitilar madubi da ke nuna akwai abin hawa a gefen da ido bai kai ba, har ma da birkin gaggawa mai taka kansa. Birkin nan yana iya ceton rai, amma daƙiƙa ɗaya ko biyu yake aiki ya saki, ba ya ɗaukar tuƙin ya ci gaba da shi.

Corolla ta 2018 tana kaiwa mataki na 1. Daga 2017 kamfanin ya sa wa wannan samfuri tsarin da ya kira Toyota Safety Sense P, mai na'urar radar a bayan tambarin da ke hancin mota, da kyamara a saman gilashin gaba, bayan madubin tsakiya. Idan aka kunna Dynamic Radar Cruise Control, motar tana auna tazarar da ke tsakaninta da ta gaba, ta rage gudu ko ta ƙara da kanta. Direba na zaɓar tazara uku, waɗanda a gudun kilomita 80 suke kamawa kimanin mita 50, 40 ko 30. Sitiyari kuwa yana hannun direba. Ma'anar mataki na 1 ke nan: na'ura ta riƙe abu ɗaya, ko gudu ko sitiyari. A wannan samfuri na'urar tana sakin aiki idan gudu ya sauka ƙasa da kimanin kilomita 40, ke nan ba ta da amfani a cunkoson Kwame Nkrumah Circle.

Corolla ta 2021 mai giyar otomatik tana kaiwa mataki na 2. Tana ɗauke da Toyota Safety Sense 2.0, inda na'urar bin tazara ke aiki har mota ta tsaya cak, aka kuma ƙara Lane Tracing Assist, wadda ke juya sitiyari a hankali don riƙe mota a tsakiyar layi. Idan an kunna biyun tare, na'ura ce ke riƙe da gudu da sitiyari lokaci guda. A nan ne mutum ke jin kamar motar na tuƙa kanta. Amma ya saki sitiyari na ƴan daƙiƙoƙi ya gani: allon gabansa zai nuna hoton hannaye, ƙara ta biyo baya, sannan na'urar ta janye taimakonta. Kamfanin ya tsara ta ne da sanin cewa ba ta ganin komai da komai, don haka yake tilasta wa direba ya kasance a shirye.

Abin da idon na'ura ke gani a titin Nima

Kyamarar da ke riƙe layi fenti take nema. Tana duba bambancin launi tsakanin baƙar kwalta da farin zane, daga nan ta lissafa inda tsakiyar layi yake. A titin da fentinsa ya goge, ko yashi ya rufe shi, ko ruwan sama ya kwanta a kai, da wuya ta sami layin da za ta bi. Gargaɗin fita layi ma ba ya farawa sai gudu ya kai kimanin kilomita 50, alhali a babban titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa, mota ba ta cika kaiwa rabin wannan ba. Masu kaya sun cinye gefen titi, trotro na tsayawa ko'ina ta ɗauki fasinja, ƴan dako na ratsawa da kaya a ka. A irin wannan wuri abin da ya fi amfani shi ne gargaɗin karo da birkin gaggawa.

Shi ma birkin yana da iyaka. An horar da kyamarar ta gane siffar mutum a tsaye, da kai da kafaɗa da ƙafafu, a gudun da ke tsakanin kimanin kilomita 10 da 80. Littafin motar ya yi gargaɗi cewa tana iya kasa gane mutum mai manyan tufafi da suka ɓoye siffarsa, ko wanda ke ɗauke da babban kaya, ko mai tura amalanke, ko ƙaramin yaro, ko jama'a a cunkushe. Duk wanda ya san fitowar masallacin Juma'a a Kanda, da manyan riguna da hijabai har ƙasa, ya san cewa wannan jerin shi ne yanayin titin unguwa na kullum.

Sai batun babura, wato okada a Accra, zemijan a Lome da Kwatano, kabu-kabu a Nijar. Babur siriri ne, kuma yana kutsowa daga gefe a tazarar da ba ta kai tsawon mota ɗaya ba. Tsarin 2.0 an tallata shi da gane motoci da masu tafiya a ƙasa da masu keke da rana. Sai a tsarin 3.0, wanda ya zo da Corolla ta 2023, aka ƙara gane mai babur. Ko da na'urar ta gane shi, tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta tabbatar, mai okada kuwa ya riga ya shiga.

Yanayi ma na taka rawa. Hazon hunturu yana rage nisan da kyamara ke hange, ƙura na taruwa a gilashi, hasken rana mai faɗuwa yana makantar da ita kamar yadda yake yi wa direba. Motar da ta yini a rana, kyamararta na iya yin zafi ta dakata har sai iska mai sanyi ta ratsa cikin motar.

Inda haɗarin ya fi girma: babban titi

Abin mamaki shi ne, mataki na 2 ya fi haɗari a inda ya fi daɗin aiki. A cikin Nima direba ba ya samun damar sakin jiki. A kan titin Accra zuwa Tema, inda doka ta yarda da kilomita 100, ko a doguwar tafiya zuwa Kumasi ko Aflao, a nan ne mutum ke kunna na'ura ya ɗauko waya.

Radar tana aika igiyar rediyo ta karɓi abin da ya dawo. Ta ƙware wajen bin abin da ke motsi. Abin da ke tsaye kuwa yana ruɗa ta, domin gada da allon talla da turakun fitila duk suna mayar da igiyar. Da a ce mota za ta taka birki ga kowannensu, da ba a yi tafiya ba. Don haka aka tsara na'urar bin tazara ta yi watsi da yawancin abubuwan da ke tsaye idan ana gudu, kuma kamfanoni na rubuta wannan gargaɗi a littafin mota.

Ga yadda lissafin yake. A gudun kilomita 100, mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A ce Corolla na bin wata mota, sai ta gaban ta kauce kwatsam, domin akwai tirelar da ta lalace a tsaye, an shimfiɗa ganye a bayanta kamar yadda aka saba. Direba mai kallon hanya na buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai birki, wato mita 42. Birki a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 55 zuwa 60. Jimilla kusan mita 100. Idan idonsa na kan waya na daƙiƙa uku, an ƙara mita 83 kafin ma ya fara lissafi. Birkin gaggawa zai iya kamawa a ƙarshe ya rage ƙarfin karon, amma a irin wannan gudu ba a tsara shi don ya tsayar da mota gaba ɗaya ba.

Akwai kuma wani tarko a motocin Amurka: lissafin mil suke yi. Wanda ya saita gudu a 70 yana zaton kilomita ne, to kilomita 113 yake yi, ya wuce doka. Ana iya sauya ma'aunin a allon yawancin sababbin motoci, kuma ya kamata a yi haka tun ranar farko.

Motar da ta yi hatsari aka gyara

Da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari. Majalisar dokokin Ghana ta amince da doka a 2020 da ta haramta shigo da irinsu, amma gwamnati ta dakatar da aiwatar da ita a shekarar. Yawanci hancin mota ne ke buguwa, wato daidai inda radar take. A kai ta gareji, a sayo bamba da fitilu da tambari a kasuwar Abossey Okai, a yi fenti, ta fito tana ƙyalli. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne saita idon na'urar.

Radar tana zaune a kan wani ƙaramin ƙarfe da ke iya lanƙwasa. Idan ta karkace da digiri ɗaya tak, abin da ido ba zai gani ba, to a nisan mita 100 tana kallon wurin da ya kauce da mita 1.75. Faɗin layin babban titi kimanin mita 3.5 ne. Ke nan karkacewar digiri biyu ta isa ta sa motar ta riƙa bin abin da ke layin gefe, ta bar wanda ke gabanta. Sakamakon iri biyu ne. Ko dai ta taka birki ba dalili saboda motar da ke wani layi, na baya ya buge ta, ko kuma ta makara wajen ganin haɗarin da ke gabanta.

Haka kyamara. Duk lokacin da aka sauya gilashin gaba, dole a sake saita ta. Aikin na buƙatar shimfiɗaɗɗen daɓe, da allunan saiti da ake kafawa a ƙayyadaddiyar tazara, da kwamfutar duba mota, bayan an daidaita iskar tayoyi da tafiyarsu. Bakanike na unguwa, wanda a Zango ake ce wa fita, yana iya ƙwarewa a inji da giya amma ba shi da waɗannan kayan.

Mai saye zai iya gane wasu alamu da kansa. Idan an kunna mota, fitilun allo duk suna kamawa sannan su mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi. Idan fitila mai rubutun PCS ta ci gaba da ci ko tana ƙiftawa, ko allo ya rubuta Pre-Collision System Malfunction, to birkin gaggawa ba ya aiki. Idan kuwa fitilar ba ta kama ba sam tun farko, akwai yiwuwar an ɓoye ta ne. Tambarin da radar ke bayansa sumul yake kamar gilashi. Idan aka ga tambari mai tudu da kwari a motar da ya kamata ta zo da radar, to ko an cire na'urar ko an toshe ta. A leƙa bayan madubin tsakiya a tabbatar kyamarar na nan, kuma babu sitika ko baƙar leda ko rubutun addu'a da ya rufe gilashin da ke gabanta. Ƙarfen kariya da ake ɗaurawa a hancin mota shi ma yana tare radar. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 kuma tana taimakawa wajen gano tarihin hatsarinta a ƙasar da ta fito.

Mataki na 3: ido ya huta, amma a zauna a shirye

A mataki na 3 na'ura ce ke kallon hanya, kuma a ƙasashen da suka ba da izini direba na iya kallon allo ko karanta saƙo. Sharaɗin shi ne kada ya yi barci, kada ya bar kujera, kuma ya karɓi tuƙi idan an kira shi. Kamfanin Honda ne ya fara samun izini a Japan a watan Nuwamban 2020, ya fitar da motar Legend guda 100 kacal a 2021. Mercedes-Benz ya samu izinin Jamus a Disambar 2021 don tsarinsa na Drive Pilot, wanda da farko yake aiki a cunkoson babban titi a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. A ƙarshen 2024 aka ɗaga iyakar zuwa 95.

Sharuɗɗan suna da tsauri: titi mai shinge a tsakiya wanda mutane da kekuna ba sa hawa, layin fenti a bayyane, yanayi mai kyau, da taswira ta musamman da kamfani ya riga ya auna. Motar na ɗauke da ƙarin ido mai suna lidar, wanda ke auna nisa da hasken leza, kuma birkinta da sitiyarinta na da na ko-ta-kwana idan na farko ya gaza. Idan sharaɗi ya ɓaci, direba na da kimanin daƙiƙa 10 ya karɓa. A gudun kilomita 60, daƙiƙa 10 mita 167 ce. Mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri yana buƙatar lokaci kafin ya gane inda yake, wannan ne ma ya sa wasu kamfanoni suka ƙi taɓa wannan mataki, suka nufi na 4 kai tsaye.

Ga mai sayen mota a Accra, abin lura ɗaya ne. Ko an sauke irin wannan Marsandi a Tema, tsarin ba zai kunnu ba, saboda an kulle shi da titunan da aka amince da su a ƙasashen da suka ba da izini. Haka Super Cruise na General Motors da BlueCruise na Ford, waɗanda ke barin direba ya saki sitiyari amma dole idonsa ya tsaya a hanya. Su mataki na 2 ne, kuma a titunan da kamfanoninsu suka zana a taswira kaɗai suke aiki.

Matakai na 4 da 5

A mataki na 4 motar ba ta jiran mutum ya cece ta. A cikin yankin da aka shata mata, tana tuƙi da kanta, idan kuma ta ci karo da abin da ya fi ƙarfinta, tana neman wuri ta tsaya. Kamfanin Waymo, wanda ya faro a matsayin aikin Google a 2009, ya buɗe tasi maras direba ga jama'a a Phoenix ta jihar Arizona a Oktoban 2020, daga baya ya shiga San Francisco da Los Angeles. A China, Baidu na gudanar da irinta a birnin Wuhan. Waɗannan motoci na haya ne, ba a sayar wa mutum, kuma akwai ma'aikata a ofis da ke ba su shawara idan sun ruɗe. Kafin su shiga gari, sai an zana taswirar kowane titi dalla-dalla.

Hatsari biyu sun nuna iyakar fasahar. Ranar 18 ga Maris 2018, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata a Tempe, Arizona, tana tsallaka titi da dare tana tura keke. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya gano cewa na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karon, amma ta yi ta sauya ra'ayi, ta kira ta mota, ta kira ta keke, ta kira ta abin da ba ta sani ba. Ba a tsara ta da tunanin cewa mutum zai tsallaka a inda ba a zana wurin tsallakawa ba. A Maamobi kuwa, kusan kowa haka yake tsallakawa. Na biyu ya faru a San Francisco a Oktoban 2023, inda tasi maras direba ta kamfanin Cruise ta ja wata mata kimanin mita 6 bayan wata mota ta bugo ta zuwa gabanta. Hukumar California ta dakatar da lasisin kamfanin a watan, General Motors kuma ya daina zuba kuɗi a harkar tasin a ƙarshen 2024.

Mataki na 5 shi ne motar da za ta je duk inda ƙwararren direba zai iya zuwa, a kowane yanayi, ba tare da taswira ta musamman ba. Za ta ratsa kasuwar Nima ranar Laraba, ta fahimci hannun ɗan sanda ko na yaron mota, ta bi hanyar ƙauye da damina. Babu irin wannan mota a kasuwa a ko'ina a duniya.

Suna da alhaki

Sunan da kamfani ya raɗa wa na'ura ba shi ne matakinta ba. Autopilot na Tesla mataki na 2 ne. Haka Full Self-Driving da kamfanin ke sayar wa masu motocinsa, wanda daga baya ya ƙara wa sunan kalmar Supervised don nuna cewa dole direba ya sa ido. A Mayun 2016 wani direban Tesla ya mutu a Florida lokacin da motarsa ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi, Autopilot na kunne. A Disambar 2023 kamfanin ya yi wa motoci sama da miliyan biyu gyara a Amurka, bayan hukumomi sun ce matakan tabbatar da hankalin direba ba su wadatar ba.

A matakai na 0 zuwa 2 alhaki na wuyan wanda ke bayan sitiyari. Dokar zirga-zirga ta Ghana ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012 direba mai lasisin DVLA suka sani, kuma shi ƴan sandan MTTD za su tuhuma. Ko a hatsarin Tempe, ma'aikaciyar da aka ɗora a motar don sa ido ce ta gurfana a kotu, ta amsa laifi a 2023. Wanda ya bai wa direba mota don haya, ya kamata ya zauna da shi su duba abin da kowane maɓalli ke yi, domin direban da bai san motar na iya taka birki da kanta ba yana iya firgita a tsakiyar titi.

Idan dillali ya ce mota na tuƙa kanta, tambaya ɗaya ta isa: littafinta ya yarda direba ya ɗauke ido daga hanya? Idan amsar a'a ce, motar ba ta wuce mataki na 2 ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya tabbatar radar da kyamara suna nan kuma an saita su, ya riƙa goge gilashi da tambari musamman da hunturu, ya taƙaita amfani da na'urar bin tazara da ta riƙe layi ga babban titi mai fenti a bayyane, hannunsa a sitiyari, ƙafarsa kusa da birki.